Zanena ya yi zagaye, amma takardar gyara ta ce jadawalin lafiya lau ne

Rabi: Assalamu alaikum jama'a. Akwai wanda ya yi aiki na 3 a takardar da aka raba mana kan tiranzaksiyon a rumbun bayanai? Ga jadawalin, `r` karatu ne, `w` rubutu, lambar kuma ta tiranzaksiyon ɗin ce, wato T1, T2 ko T3:

```
S1: r1(X) r2(X) w2(Z) r3(Z) w3(Y) r1(Y) w1(X)
```

Na zana giraf ɗin firesedans, zanen da ke nuna wanda dole ya riga wani, na samu kibiya daga T1 zuwa T2, daga T2 zuwa T3, daga T3 kuma ta koma T1. Zagaye ke nan ƙiri-ƙiri. Amma takardar gyara ta ce seriyalizabil ne, wato ya yi daidai da a gudanar da su bi-da-bi, ɗaya bayan ɗaya. Ko kuskuren bugawa ne? Jarabawa ranar Litinin, ga zafin Tawa, kaina ya ɗau caji.

Lawali: Wa alaikumus salam. Ai in kin ga zagaye, cirko-cirko ne. Kowa na jiran kowa ya saki makulli, sai injin ya kashe guda cikinsu. Haka munka yi shi bara.

Sani: Lawali, wani zanen kake faɗa. Ita ba maganar makulli take ba.

Lawali: Ba ɗigo da kibiya ba ne duka? Mi ya raba su?

Hadiza: Lawali, kamannin ne ɗaya, ma'anar kibiyar daban. A zanen da kuka yi bara, kibiya daga T1 zuwa T2 tana cewa T1 na tsaye yana jiran makullin da ke hannun T2, kuma ana zana shi ne ana tsakiyar aiki. A na Rabi babu mai jiran kowa. An gama komai, muna duba jerin abin da ya faru, kibiyar kuma tana cewa: duk jerin bi-da-bi da za a kwatanta da wannan, dole T1 ya zo gaban T2. Zagaye a naka yana nufin aiki ya tsaya cak. A nata yana nufin aiki ya gudana har ƙarshe, sai dai babu jerin bi-da-bi da ya dace da shi.

Rabi ƙanwata, kibiyarki ta T1 zuwa T2, daga ina kika samo ta?

Rabi: Daga farko, Yaya. `r1(X)` ya zo kafin `r2(X)`, kuma duk X suka taɓa.

Hadiza: To nan ne. Karatu da karatu ba sa karo. Ki juya su, T2 ya fara karanta X sannan T1, abin da kowanne ya gani bai canza ba, tunda babu wanda ya taɓa X a tsakani. Kafin a ce ayyuka biyu sun yi karo sai abu uku sun haɗu: na tiranzaksiyon daban-daban ne, abu ɗaya suka taɓa, kuma aƙalla ɗayansu rubutu ne.

Yadda nake yi don kada idona ya ruɗe: ba na bin jadawalin a tsaye, ina rarraba shi abu-abu.

```
X: r1 r2 w1
Z: w2 r3
Y: w3 r1
```

A layin X, `r1` da `r2` babu komai. `r1` da `w1` na mutum ɗaya ne, babu komai. Saura `r2` da `w1`: T2 ya karanta kafin T1 ya rubuta, kibiya daga T2 zuwa T1. Wannan ita ce kika tsallake, wataƙila don suna nesa da juna, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. Nisa ba ya hana karo. A layin Z, T2 ya rubuta T3 ya karanta, kibiya T2 zuwa T3. A layin Y, T3 zuwa T1.

Kibiya uku ke nan, babu wadda ta shiga T2. Takardar gyara tana da gaskiya.

Rabi: Kash! To tambaya ta biyu ta ce a ba da jerin bi-da-bi da ya yi daidai da shi. T1, T2, T3 zan sa?

Sani: A'a. Nemo ɗigon da kibiya ba ta shiga ba, ki cire shi da kibiyoyinsa, ki sake nema. T2 ne farko. Da kin cire shi, T3 ya zama babu mai shiga masa. T1 a ƙarshe. T2, T3, T1.

Rabi: Amma T1 ne ya fara aiki fa. Ya za a yi ya zama na ƙarshe?

Hadiza: Wanda ya fara shiga ba shi ne ma'auni ba. T1 ya karanta Y ɗin da T3 ya rubuta, shi kuma T3 ya karanta Z ɗin T2. Da T1 ne na farko a jerin, da tsohon Y zai gani, ba na T3 ba. Karatunsa na X da wuri bai ɗaure shi da komai ba, don babu wanda ya rubuta X sai shi kansa. Kina iya tura `r1(X)` gaba-gaba, yana wuce `r2(X)`, `w2(Z)`, `r3(Z)`, `w3(Y)` ɗaya bayan ɗaya, duk babu karo, har ya je ya zauna gefen `r1(Y)`. Da kin kai shi can, ki duba abin da ya rage: T2 gaba ɗaya, sai T3, sai T1. Zanen gajeriyar hanya ce kawai ta sanin ko wannan turawar za ta yiwu ba tare da kin yi ta da hannu ba.

Hanyar da Sani ya nuna kuma ita ce gwajin zagayen kansa. In kina cirewa kika kai inda kowane ɗigo da ya rage akwai kibiya a kansa, to akwai zagaye a cikinsu.

Bashir: Ku yi haƙuri in shigo da tawa, ni na bar aji tuni. Na yi wa wani kantin siminti a Yamai manhajar lissafin kaya, teburin sayarwa biyu, rumbun bayanai na PostgreSQL a baya. Ran nan allo ya ce saura buhu 35, aka ƙirga a sito 25. Mai kanti ya fara zargin yaransa. Da na duba, buhu 40 ne da safe, ɗaya ya sayar da 10, ɗaya ya sayar da 5, kusan a daƙiƙa ɗaya. Wannan ma zanen naku zai kama shi?

Hadiza: Shi ne ma mafi sauƙi. Manhajarka tana karanta adadin, ta rage a cikinta, ta rubuta sabon adadi, ko?

Bashir: Haka ne, Hajiya.

Hadiza: To ga abin da ya faru:

```
r1(K) r2(K) w1(K) w2(K)
```

Duk sun karanta 40. T1 ya rubuta 30, T2 ya rubuta 35 a kai. `r2` ya riga `w1`, kibiya T2 zuwa T1. `r1` ya riga `w2`, kibiya T1 zuwa T2. Zagaye. Da bi-da-bi aka yi, ko wa ya fara, 25 za a samu. Yaran ba su saci komai ba, ka gaya masa tun bai kori wani ba.

PostgreSQL in ba ka ce komai ba yana kan `READ COMMITTED`, wanda ba ya hana wannan. Mafi sauƙi, ka bar rumbun ya yi ragewar da kansa:

```sql
UPDATE kaya SET adadi = adadi - 10 WHERE id = 7;
```

Na biyun zai jira na farko ya gama, sannan ya rage daga sabon adadin. In kuwa dole ka karanta ka yi wani lissafi kafin ka rubuta, ka karanta da `SELECT ... FOR UPDATE`, ko ka ɗaga matakin zuwa `SERIALIZABLE`. Amma in ka ɗaga, ka shirya wa kuskure mai lamba `40001`: rumbun zai soke ɗaya, manhajarka ce za ta sake gudanar da shi daga farko. Mutane da yawa suna ɗaga matakin, su manta da sakewar, sai mai sayarwa ya ga jan rubutu a allo ya kira su.

Rabi: Yaya Bashir ya samu nasa, mu koma nawa. Aiki na 4 ya fi ɗaure min kai:

```
S2: r1(P) w2(P) w1(P) w3(P)
```

Na bi abu-abu yadda kika ce. `r1` kafin `w2`, T1 zuwa T2. `w2` kafin `w1`, T2 zuwa T1. Sai T1 da T2 duka zuwa T3. Wannan karon zagayen na gaske ne. Amma gyaran ya ce: ta fuskar karo ba seriyalizabil ba ne, ta fuskar gani kuwa seriyalizabil ne. Ya abu zai zama e kuma a'a?

Sani: Wannan akwai dabara. In kin ga zagaye, duba ko akwai wanda ya rubuta abu bai karanta shi ba, rubutu a makance. In akwai, ta fuskar gani ya wuce. In babu, ya faɗi. T2 da T3 duk a makance suka rubuta, shi ke nan.

Hadiza: Sani, rabin maganarka daidai ne, rabin zai kayar da ita ranar Litinin. Bari mu fara da dalilin e da a'a ɗin, sai in dawo kanka.

Rabi, a ce P kuɗin buhun albasa ne a manhajar wani dillali a Galmi, jikka 12. T1 ya karanta 12, yana son ƙara rabin jikka. Kafin ya rubuta, T2 ya zo ya sa 13 kai tsaye, bai duba abin da ke ciki ba. T1 ya rubuta 12 da rabi. Sai T3 ya zo ya sa 14, shi ma bai duba ba. Yanzu ki yi su bi-da-bi, T1, T2, T3. T1 ya karanta 12, ya rubuta 12 da rabi. T2 ya sa 13. T3 ya sa 14. Wa zai iya bambance biyun? T1 abu ɗaya ya gani a duka, 12. Abin da ya rage a rumbu ɗaya ne, 14. Bambancin kawai wa ya riga rubutu tsakanin T1 da T2, kuma dukansu kamar rubutun allo ne da aka wanke kafin kowa ya karanta.

Zanen bai san da wannan ba. Shi ya ga rubutu biyu a kan abu ɗaya, ya ja kibiya, bai tambaya ko wani ya taɓa ganin rubutun ba. Fuskar gani ita ke yin wannan tambayar. Abin da take nema daga jadawali biyu shi ne: wanda ya karanta ƙimar farko a nan, ya karanta ta a can. Wanda ya karanta rubutun wane a nan, rubutun wanen zai karanta a can. Wanda ya yi rubutun ƙarshe a kan kowane abu a nan, shi zai yi a can. S2 ya cika su da jerin T1, T2, T3.

Rabi: Ke nan fuskar gani ta fi sassauci.

Hadiza: Ƙwarai. Duk wanda ya wuce ta fuskar karo ya wuce ta fuskar gani, don juya ayyukan da ba sa karo ba ya canza wa ya karanta na wa, ko wa ya rubuta ƙarshe. Akasin haka ne ba ya tsayawa, S2 shaida.

Yanzu Sani. Gaskiya ne, in akwai zagaye kuma babu rubutu a makance, an gama, ya faɗi ta duk fuskokin. Na kantin Bashir haka yake. Amma samun rubutu a makance ba ya wanke jadawali. Ɗauki S1 na ɗazu, ka canza aikin ƙarshe kawai:

```
S3: r1(X) r2(X) w2(Z) r3(Z) w3(Y) r1(Y) w2(X)
```

Yanzu `r1(X)` ya riga `w2(X)`, kibiyar T1 zuwa T2 da Rabi ta ƙirƙira ɗazu ta zama ta gaske, zagaye ya rufe. `w2(Z)` a makance ne, `w3(Y)` ma haka. Da dabararka ya wuce. Gwada ka ba ni jerin.

Sani: T3 ya karanta Z na T2, to T2 kafin T3. T1 ya karanta Y na T3, to T3 kafin T1. T1 ya karanta X na farko, T2 kuma yana rubuta X, to T1 kafin T2... Ya ƙi.

Hadiza: Ya ƙi, don rubutun makantan nan an karanta su. Abin da ya ceci S2 ba makantar kaɗai ba ce, rubutun da ya jawo zagayen ne ya mutu babu wanda ya amfana da shi.

Lawali: To in haka ne, a sa wani ya karanta a tsakiya, S2 ya rushe ke nan. Kamar T4 ya leƙa farashin bayan `w1` kafin `w3`. Ya ga 12 da rabi, alhali a jerin naku 13 ya kamata shi gani.

Hadiza: Tambaya mai kyau, amma bai rushe ba. Kai ka ajiye T4 bayan T2 a ranka. Wa ya ce dole can zai zauna? Gwada T1, T4, T2, T3. T1 ya karanta na farko, T4 ya karanta na T1, T3 ya rufe. Ya cika.

Ka lura da yadda na samo wurin T2, don nan wahalar take. T4 ya karanta rubutun T1, saboda haka duk wani mai rubuta P ba zai zauna tsakaninsu ba. T2 ko dai ya zo kafin T1, ko ya zo bayan T4. Zaɓi biyu. A nan na farkon ya mutu da wuri tunda T1 ƙimar farko ya karanta, sai na ɗauki na biyun. A babban jadawali irin wannan ko-wannan-ko-wancan suna da yawa, kuma zaɓin da ka yi a kan X yana iya toshe maka hanya a kan Y, sai ka dawo baya. A zanen karo babu zaɓi ko ɗaya, kowace kibiya jadawalin ne ya riga ya nuna inda ta dosa.

In kana son rusa S2, sa T3 ya karanta kafin ya rubuta: `r1(P) w2(P) w1(P) r3(P) w3(P)`. T1 dole ya riga duk masu rubutu, T3 dole ya zo ƙarshensu, kuma T3 na T1 ya karanta, babu mai shiga tsakaninsu. T2 ya rasa wurin zama.

Rabi: A jarabawa fa, in gwada duk jerin ne ɗaya-ɗaya?

Sani: Da uku, jeri 6 ne kawai, ba wani abu ba.

Hadiza: Da uku 6, da huɗu 24, da biyar 120, da goma 3,628,800. Kada ki fara da gwaji. Fara da zanen: in babu zagaye kin gama, amsa e ce ta duk fuskokin. In akwai, duba makanta. In akwai makanta, rubuta abin da ya zama dole daga ƙimar farko da rubutun ƙarshe da wa ya karanta na wa, yawanci jeri ɗaya ko biyu ne za su rage, sai ki gwada su.

Wannan yawan ba raunin dabararmu ba ne. Masanin kwamfuta Papadimitriou ya nuna a 1979 cewa gwajin irin wannan yana cikin mafi wuyar matsalolin ajin NP. Neman zagaye kuwa, aikinsa gwargwadon yawan ɗigo da kibiya ne kawai.

Alhaji Umaru: Sannunku da aiki. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Hadiza, kowa wannan dalilin na NP yake kawowa, amma ni a ganina ba shi ne babba ba. Ko da gwajin kyauta ne, injin ba zai iya aiki da shi ba. Ki yanke S2 kafin T3 ya iso: `r1(P) w2(P) w1(P)`. T1 ya karanta na farko, dole ya riga T2. T1 ne ya rubuta ƙarshe, dole ya biyo T2. Ba ya wucewa ko ta gani. To a lokacin da `w1(P)` ya zo ƙofa, injin ya san T3 na tafe? Bai sani ba. In ya bari T1 da T2 suka yi `COMMIT`, wato suka kammala, sannan T3 bai zo ba, ko ya zo wuta ta ɗauke aka soke shi, an bar rumbu a halin da ba shi da jerin bi-da-bi. Zanen karo ba ya da wannan ciwon. In cikakken zanen babu zagaye, duk inda kika yanke shi babu zagaye.

Hadiza: Baba Alhaji, na karɓa, kuma gara da ka kawo shi. Shi ya sa ma wasu ke ƙara sharaɗi a ma'anar, cewa duk inda aka yanke jadawalin, waɗanda suka kammala zuwa nan su ma su wuce. Rabi, ke dai bi ma'anar da aka ba ku a aji, mai sharaɗi uku.

Bashir: Ke nan PostgreSQL ɗina yana can yana zana wannan giraf ɗin kullum?

Alhaji Umaru: Yawancin injuna ba sa zana shi, suna bin ƙa'idar da ke hana zagaye faruwa tun asali. Tsohuwar ita ce 2PL, tun aikin su Eswaran da Gray na 1976: kana karɓar makullai, amma da ka saki ɗaya ba ka ƙara karɓar wani. In kowa ya bi wannan, kibiya kullum daga wanda ya riga gama tara makullansa take tashi, ba za ta iya zagayowa ba. Kuɗin da ake biya shi ne jira, jiran kuma shi ke haifar da cirko-cirkon Lawali.

Lawali: Alhamdu lillahi, ashe dai ban yi nisa ba.

Hadiza: Ka yi nisa, hanya ce ta biyo ta ƙofar gidanka. Bashir, naka ya ɗan bambanta. `SERIALIZABLE` na PostgreSQL ba ya sa mai karatu jira. Tun fitowar 9.1 a 2011, yana lura da kibiya iri ɗaya ce, wadda wani ya karanta abu wani kuma da ke gudana tare da shi ya rubuta a kai. In ya ga irinta biyu a jere, ɗaya ta shiga tiranzaksiyon ɗaya ta fita, yana iya soke wani ba tare da ya tabbatar zagayen ya rufe ba. Don haka wani lokaci zai soke wanda ba shi da laifi. Ya ma fi zanen tsanani, balle a yi maganar fuskar gani.

Sani: To in babu injin da ke amfani da fuskar gani, me ya sa ake wahalar da mu da ita?

Alhaji Umaru: Kada ka ce babu. Akwai ƙa'idar rubutu ta Thomas, a tsarin da ke ba kowane tiranzaksiyon lambar lokaci. A S2, T1 ya girmi T2. Da `w1(P)` ya zo, injin ya ga ƙaninsa ya riga ya rubuta P, kuma babu wani ƙani da ya karanta P. Maimakon ya soke T1, sai ya yi watsi da rubutun kawai, T1 ya ci gaba. Ga jadawalin da zane ya ƙi, an karɓe shi.

Hadiza: Nan kam ban bi ka duka ba, Baba. An karɓi buƙatun a wannan jerin, na yarda. Amma `w1(P)` bai taɓa sauka a rumbu ba. Abin da ya gudana da gaske `r1(P) w2(P) w3(P)` ne, wannan kuwa zanensa babu zagaye. Kuma ko T3 bai zo ba, 13 ɗin T2 ce za ta zauna, ba 12 da rabi ba. Ni ina ganin injin ya canza jadawalin ne zuwa wanda zai iya karewa, ba wai ya gwada fuskar gani ba.

Alhaji Umaru: T1 ya aika rubutu, an ce masa ya yi, ya tafi. A wurinsa ya rubuta. Jadawali abin da aka nema ne ko abin da ya taɓa faifai? Ni na ɗauki na farko, kuma haka ake koyar da shi.

Hadiza: Haka ake koyarwa, ban musa ba. Amma hujjarka ta yankewa ta ɗazu, da wane jadawalin ka yi ta? Da wanda `w1` ya sauka.

Alhaji Umaru: Ƴar nan ba ki da dama. Sai mun zauna da takarda in na shigo Yamai.

Rabi: Ni dai in an tambaya zan rubuta cewa ƙa'idar Thomas tana barin wasu jadawalin da suka wuce ta gani ba su wuce ta karo ba. Ya yi?

Hadiza: Rubuta haka, za a ba ki makinki.

Bashir: Wani abu na damuna. A ce asusu biyu ne, A da B. T1 yana ƙara jikka 5 a kowanne, T2 yana ƙara jikka 2 a kowanne. T1 ya riga a kan A, T2 ya riga a kan B, kowa ya gama karatu da rubutunsa a kan asusun kafin ɗayan ya taɓa. Zane zai ce zagaye. Babu makanta, to gani ma ya ƙi. Amma kowane asusu ya ƙaru da 7, daidai da bi-da-bi. Ina laifin?

Hadiza: Babu laifi a sakamakon, kuma duk gwajin biyu za su ƙi shi. T2 ya karanta A na T1, T1 ya karanta B na T2, babu jerin da zai ba da haka. Su biyun karatu da rubutu kawai suke gani, ba su san tarawa kake yi ba, ba su san 5 da 2 ɗaya ne da 2 da 5 ba. Ka mai da T2 ya zama ƙarin kashi 10 cikin 100 ka gani. Asusu mai 100: a A, 105 sannan 115 da rabi. A B, 110 sannan 115. Tsarin karatu da rubutun bai canza ba, amma yanzu A da B sun rabu, abin da bi-da-bi ba zai taɓa yi ba.

Sani: Ke nan akwai da'ira ta uku a waje da ta gani.

Hadiza: Akwai, amma shigarta sai injin ya san ma'anar lissafin kowane tiranzaksiyon.

Rabi: Saura ɗaya. A aiki na 6 akwai `a2` a tsakiya, T2 an soke shi. In sa shi a zanen ko in cire?

Sani: Ni na sa shi, na samu zagaye.

Hadiza: Cire shi. Zanen na waɗanda suka kammala ne, wanda aka soke kamar bai zo ba. Amma kafin ki goge, duba ko wani ya karanta abin da T2 ya rubuta kafin sokewar. In akwai wanda ya karanta har ya yi `COMMIT`, wannan wata cuta ce daban da zanen ba ya gani, ki rubuta ta a gefe. Turo jadawalin mu gani.

Lawali: Bara malaminmu ya bar sokakken cikin zane, ni na tuna sarai.

Sani: To wanne za mu bi ranar Litinin?

Rabi: Zan tambaye shi gobe bayan darasin ƙarfe 8. Ga na 6 ɗin:

```
S6: w2(X) r1(X) w1(Y) r2(Y) a2 c1
```

Hadiza: Sani, da T2 a ciki ka samu T2 zuwa T1 a kan X, T1 zuwa T2 a kan Y, shi ne zagayenka. In an cire shi T1 kaɗai ya rage, zanen ɗigo ɗaya ne. Amma dubi `r1(X)`: T1 ya karanta X ɗin da T2 ya rubuta, aka soke T2, shi kuma ya yi `c1` abinsa. Y ɗin da ya rubuta yana iya zama an gina shi kan ƙimar da aka janye, kuma ba a iya dawo da shi tunda ya kammala. Rabi, in kin je gobe ki tambaye shi wannan ma, ko yana so a ambace shi a amsar ko zanen kaɗai yake nema.